Yadda za ka yanka wa aikinka farashi da dala, ka kuma yi ajiya

Mai yi wa mutanen ƙasar waje fassara, zane ko rubuta manhaja, da dala ake biyansa, amma da naira yake cefane. Tsakanin kuɗin biyu kuwa babu tabbas. A watan Mayun 2023 farashin dala a hukumance yana wajen naira 460. Bayan Babban Bankin Najeriya ya sakar wa kasuwa linzami a watan Yuni, sai dala ta yi ta hawa, har ta kusa naira 1,900 a kasuwar bayan fage a Fabrairun 2024. Zuwa Afrilu ta faɗo ƙasa da 1,200, sannan ta sake tashi. Saboda haka kada ka gina lissafinka a kan canjin yau.

Farashi daga gida yake farawa. Mu ɗauki misalin mai zanen tambari a Kano. Abinci, kason kuɗin haya na wata, data, man janareto da ɗan abin da yake warewa don gyaran kwamfuta sun kama naira 450,000 a wata. Yana kuma son ya ajiye 150,000. Jimla 600,000 ke nan. A ce yau ana canjin dala a kan 1,500. To, shi sai ya yi lissafi da 1,200, wato ya rage kashi 20 cikin ɗari saboda ranar da dala za ta faɗi. Da wannan canjin, dala 500 yake bukatar ta shigo hannunsa duk wata.

Sai dai abin da mai ba da aiki ya biya ba shi ne ke isowa ba. Fiverr na cire kashi 20 cikin ɗari, don haka kafin 500 ta rage masa, sai ya yi cinikin 625. Idan aka ƙara kuɗin turawa da na cirewa, a bar shi a 640. Sannan ba duk awannin zama gaban kwamfuta ake biya ba, domin neman aiki, amsa saƙonni da ɗaukewar wuta suna cin nasu. Idan awa 80 ce ta aikin da ake biya a wata, kowace awa ta tashi a dala 8. Tambarin da zai ci awa biyar har da gyare-gyare, bai kamata ya karɓi ƙasa da dala 40 a kansa ba. Wannan shi ne mafi ƙarancin farashi. Idan takwarorinsa masu ƙwarewa irin tasa suna karɓar fiye da haka, ya bi sahunsu. Ya kuma faɗi tun farko sau nawa zai yi gyara kyauta, domin gyaran da ba shi da iyaka yana mayar da dala 8 ta koma 4 ba tare da ya ankara ba.

Idan kuɗin sun shigo, ya biya kansa albashi tsayayye. A canjin 1,500, dala 300 ce za ta ba shi 450,000, saura 200. Idan ta faɗo 1,200, zai canja 375, saura 125. Ko ta wane hali gida ya ci abinci, ajiya kuma ba ta tsaya ba. Haɗarin yana cikin watan da dala ta hau, lokacin da mutum ke ganin rarar kamar tsintuwa ce ya kashe.

Rarar kuma a ajiye ta da kuɗin da za a kashe ta da shi. Kuɗin haya, na makaranta da cefanen wata uku masu zuwa, da naira za a biya su, to su zauna a naira. Wanda ya riƙe dala 1,000 ta haya a Fabrairun 2024 yana jiran ta ƙara tsada, mai gida ya matsa masa a Afrilu, ya tafka asarar ɗaruruwan dubban naira. Amma kuɗin sabuwar kwamfuta da ajiyar shekaru su zauna a asusun dala na banki, tunda hauhawar farashi a Najeriya ta kai kashi 34.8 cikin ɗari a Disambar 2024, kuma haka take cinye nairar da aka jibge.

Mutanen Nijar suna da sauƙi ta wannan fuska: sefa a ɗaure take da yuro a kan 655.957, don haka in mai ba da aikin ya yarda, su nemi a biya su da yuro.

Ka tsayar da rana ɗaya a wata ta yin canji, ka kwatanta nairar da za ta shiga asusunka bayan an cire komai, ba farashin da aka tallata ba. Duk bayan wata shida ka sake lissafin kuɗin gida. In ya ƙaru, farashin aikinka ma ya ƙaru.