Me ya sa zafin Mayu ya fi na Maris cin rai a Yelu

A ƙasar Gaya, wadda ta fi ko'ina samun ruwan sama a Nijar, manoma sun san wani abu da ma'aunin zafi ba ya faɗa. A ƙarshen Maris da cikin Afrilu ake ganin lambobi mafi girma, digiri 40 ko 42 a inuwa da rana tsaka. Amma ka tambayi mai noman rake a kwarin Dallol Mauri wajen Yelu, zai ce maka zafin da ke karya mutum shi ne na ƙarshen bazara, lokacin da hadari ya fara haɗuwa, aka yi ruwa ɗaya ko biyu, lambar ta sauko zuwa 37 ko 38. Ma'aunin bai yi ƙarya ba, manomin ma gaskiyarsa ce. Ma'aunin yana auna zafin iska ne kawai, shi kuwa jiki yana fama da zafin iska tare da laimar da ke cikinta.

Cikin jikin mutum yana zaune ne a kusan digiri 37, fata kuma takan kai kusan 35 a lokacin zafi. Muddin iska ta fi fata sanyi, zafi na fita daga jiki da kansa. Da zarar iska ta wuce 35, wannan hanya ta toshe, har ma iskar ce ke zuba wa jiki zafi. Abin da ya rage shi ne gumi. Sai dai fitar gumin ba ita ke sanyaya mutum ba, bushewarsa a kan fata ce ke kwashe zafin. Gumin da ya tsiyaye ta haɓa ya ɗiga ƙasa, ko wanda aka share da gefen riga, asarar ruwa da gishiri ce kawai.

Duk macen da ke da randa ta san wannan. A Maris, iska busasshiya na shanye ruwan da ke tsattsafowa ta jikin randar, sai ruwan ciki ya yi sanyi ƙarara ko da rana na ƙuna. A marka kuwa, gari ya fi sanyi nesa ba kusa ba, amma jikin randar na jiƙe ya ƙi bushewa, ruwan kuma ba ya yin wannan sanyin. Haka fatar mutum take.

Abin da ke canjawa tsakanin Maris da Mayu shi ne inda iska ke fitowa. Iskar hunturu na zuwa ne daga arewa maso gabas, ta ratso Sahara, babu ruwa a cikinta. Daga Afrilu zuwa Mayu sai iskar kudu maso yamma ta taso daga teku, ta bi ta Benin da Najeriya tana ɗauke da tururin ruwa. Gaya da Yelu suna can ƙuryar kudancin Nijar, saboda haka su ne kan gaba wajen karɓarta, makonni kafin ta kai Tawa ko Agadas. Rana tana nan da ƙarfinta, ruwan sama bai zauna ba balle ya kwantar da zafin, ga laima ta iso. A kwari kuma akwai ƙari. Ruwan ƙasa a dallol ba shi da nisa, fadamu na jiƙe, rake da sauran shuke-shuke na fitar da tururi, ga shi raken da ya girma yana tare iska. Mutumin da ke duƙe a tsakiyar rake yana cikin laimar da ta fi wadda tashar auna yanayi ta Gaya ke rubutawa.

A 1979 wani masani mai suna Robert Steadman ya lissafa yadda zafi da laima ke haɗuwa a jikin mutum, kuma daga aikinsa ne hukumar yanayi ta Amurka ta fitar da jadawalin da ake amfani da shi yau a ƙasashe da dama. Ana shigar da zafin iska da yawan laima, sai jadawalin ya ba da lamba guda, wato ma'aunin jin zafi. Ga kwana biyu irin waɗanda ake gani a wannan yanki. Ranar farko a ƙarshen Maris, zafi digiri 41, laima kashi 10 cikin 100: jiki na jin kusan 38, ƙasa da abin da ma'aunin zafi ya nuna. Rana ta biyu a ƙarshen Mayu, zafi digiri 38, laima kashi 40: jiki na jin kusan 43. Ma'aunin zafi ya ce an sami sauƙin digiri uku, jiki kuwa ya ce an ƙara masa biyar. Idan bayan ruwan dare ne aka wayi gari rana ta buɗe a kan jiƙaƙƙiyar fadama, zafi ya tsaya a 35 amma laima ta kai kashi 60, lambar takan kai 45. A wannan jadawali, daga 39 zuwa 51 matakin haɗari ne, daga 52 zuwa sama kuma haɗari mai tsanani.

Kashi 40 na iya zama ƙaramar lamba a ido, kuma nan ne mutane ke ruɗewa. Wannan kashin ba ya nufin yawan ruwan da ke cikin iska kai tsaye. Yana nufin rabon da iskar ta ɗauka daga cikin abin da za ta iya ɗauka, iska mai zafi kuwa babban ciki gare ta. Iskar ranar Mayu ɗin nan tana ɗauke da tururin ruwa fiye da ninki uku na ta ranar Maris. Wani kuskuren kuma shi ne na masu duba waya: su ɗauki laimar asuba, wadda takan kai kashi 70 ko 80, su haɗa da zafin azahar, su fito da lamba mai firgitarwa da ba ta taɓa faruwa ba. Dole ne lambobin biyu su zama na sa'a ɗaya.

Ni a ganina babban abin da ya kamata manomi ya sani game da jadawalin shi ne wanda aka yi shi dominsa. An lissafa shi ne a kan baligi mai lafiya da ke tafiya a ƙasa cikin inuwa, iska na ɗan kaɗawa. Hukumar da ta fitar da shi ta ce tsayuwa cikin rana tsagwaronta na iya ƙara har digiri 8 a kan lambar. Ke nan 43 ɗin nan na ƙarshen Mayu na iya zama kusan 51 a filin gona.

Mu ɗauki saurayi mai nauyin kilo 65 yana noman farko da hauya a irin wannan rana, daga hantsi zuwa azahar. Aikin kansa na haifar da zafi a cikin tsoka, kuma kafin ya fitar da wannan zafin sai sama da rabin lita na gumi ya bushe a fatarsa a kowace awa, ban da zafin da rana ke ɗora masa. Gumin yana fita, lita guda a awa ko fiye, amma iska ta ƙoshi, mai yawa daga ciki yana zuba ƙasa ne. Idan kashi ɗaya cikin huɗu kacal na zafin aikin ya maƙale a jikinsa, zafin cikinsa zai hau da kusan digiri ɗaya da rabi a awa. Cikin awa biyu ya tashi daga 37 zuwa 40. Yawancin mutane jikinsu kan tilasta musu rage aiki kafin a kai nan. Wanda ke cikin gayya yana jin kunyar a bar shi a baya, ko ɗan ƙwadago da aka yanka wa fili sai ya gama a biya shi, shi ne ke danne gargaɗin.

Gargaɗin kuwa a fili yake. Riga ta jiƙe sharkaf ta ƙi bushewa, kai na sarawa, jiri, tashin zuciya, tsokar ƙafa ko ta ciki na murɗawa, fitsari ya yi kaɗan ya yi ja. A wannan mataki mutum na cikin hayyacinsa, kuma inuwa da hutu da ruwa kan warware matsalar. Idan gumin ya yi yawa, a haɗa ruwan gishiri da sukari: lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali shida na sukari a shafe, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Abin da ke raba wannan da bugun zafi mai kisa shi ne hankali. Da zarar mutum ya fara sambatu, ko tangaɗi, ko faɗa ba dalili, ko ya suma, ƙwaƙwalwa ta taɓu. An saba cewa mai bugun zafi fatarsa bushewa take yi, amma wanda ya faɗi a bakin aiki cikin laima sau da yawa yana jiƙe da gumi, don haka kada gumin ya yaudari kowa. A ja shi inuwa, a cire masa kaya, a yi ta kwara masa ruwa mafi sanyi da aka samu ana yi masa fifita da ƙarfi, a ci gaba da haka a kan hanyar zuwa asibiti. Kada a ɗura wa wanda bai farfaɗo ba ruwa a baki. Farasitamol ba ya sauke irin wannan zafin. A agazari, wajen Oktoba, lokacin da ruwa ya ɗauke rana ta dawo kan ƙasa mai laima, alamun kan rikice da na zazzaɓin cizon sauro mai tsanani, wanda shi ma lokacinsa ke nan. Gwajin jini ne zai raba, amma sanyaya jikin ba ya jiran gwaji.

Dare ma na da nasa. Tururin ruwa na riƙe zafin da ƙasa ke saki bayan faɗuwar rana, shi ya sa daren Mayu ba ya hucewa kamar na Maris, musamman a ɗakin kwano. Tsofaffi da jarirai da masu ciki da masu ciwon zuciya ko na ƙoda ba sa bukatar zuwa gona kafin su galabaita, kwana uku a jere ba tare da jiki ya huce ba ya isa. Kuma kada a ɗauka busasshen zafi lafiya ne: a ranar 3 ga Afrilu 2024, cikin azumi, garin Kayes na Mali ya kai digiri 48.5, asibitin Gabriel Touré na Bamako kuma ya ba da rahoton mutuwar mutum 102 a kwana huɗun farko na watan.

Wanda ba shi da wayar duba yanayi yana iya auna laima da jikinsa. Ka jiƙa bayan hannunka ka tsaya a inuwa. Idan ya bushe nan take ka ji sanyi, gumi na aiki, abin da kake bukata shi ne ruwan sha da yawa. Idan ya daɗe yana danshi, shan ruwa kaɗai ba zai fitar da zafin ba, sai an rage aikin kansa: a shiga gona da asuba, a fito kafin rana ta take, a riƙa hutawa kowace awa a ƙarƙashin giginya ko wata inuwar da iska ke ratsawa maimakon cikin raken, a koma bayan la'asar.