Lambobi Uku da Ya Kamata Su Yarda da Juna a Takardar Bashi

Takardar da banki ke miƙa wa mai neman bashi kafin ya sa hannu, wadda ma'aikatan banki ke kira ofa leta, takan zo da shafi uku ko huɗu cike da Turanci. Yawancin mutane layi biyu suke nema a cikinta: nawa za a ba ni, nawa za a riƙa cirewa a wata. Da sun ga albashi zai ɗauka, sai biro. Alhali a cikin takardar akwai lambobi uku da ba a rubuta su a wuri ɗaya ba, wato kason kuɗin ruwa, da jadawalin biya, da jimillar abin da bashin zai ci. Kowace ɗaya daga cikin sauran biyun take fitowa. In ka san biyu, lissafi zai ba ka ta uku, kuma in ta ukun da ke rubuce ta saɓa da wadda lissafi ya bayar, to akwai magana.

Mu ɗauki misali da wani malamin makaranta a Tudun Wada, cikin garin Sakkwato, mai son rufe ɗakuna biyu da kwano kafin damina. Ya nemi naira 600,000 a kan albashinsa, zai biya cikin wata 12. Shafin farko ya ce kuɗin ruwa kashi 3 cikin ɗari ne a wata, a kan abin da ya rage na bashin. Shafin ƙarshe, inda jadawali yake, ya ce za a riƙa cire naira 68,000 kowane wata. Ido ba zai ga wani aibu a nan ba.

Abu na farko mai sauƙi ne, kalkuletar waya ta isa. A ninka 68,000 sau 12, an samu 816,000. A cire uwar kuɗin, 600,000, saura 216,000. Wannan shi ne kuɗin ruwan da jadawalin yake karɓa, ko mene ne shafin farko ya faɗa. Yanzu a raba 216,000 gida 12: naira 18,000 kowane wata. Ita kuwa 18,000 daidai take da kashi 3 cikin ɗari na 600,000. A nan ne mutum zai yi ajiyar zuciya ya ce lissafi ya fita. Bai fita ba, domin wannan na nufin a watan ƙarshe ma, lokacin da malam ya riga ya biya kusan duk bashin, ana cajinsa ruwan naira 600,000 cif, kamar bai taɓa biyan ko sisi ba.

Hanyoyi biyu ake lissafa kuɗin ruwa, kuma sunayensu sukan fito a takarda ko a fuskar waya da Turanci. Ta farko ita ce `flat`: ana ɗora kason a kan ainihin kuɗin da aka karɓa tun farko, kuma ba ya sauka har a gama. Ta biyu ita ce `reducing balance`: kowane wata ana duba abin da ya rage a kan mutum, a kansa kaɗai ake ɗora ruwa. Takardar malam ta yi alkawarin ta biyu a shafin farko, sannan ta gina jadawalinta a kan ta farko.

Da an bi abin da shafin farko ya faɗa, ga yadda zai kasance. Biyan wata zai zama naira 60,277. A watan farko ruwa 18,000 ne, sauran 42,277 su tafi rage uwar kuɗi, bashi ya koma 557,723. A wata na biyu kashi 3 na wannan ragowar ake ɗauka, wato 16,732, don haka abin da ke shiga uwar kuɗi ya ƙaru. Haka ruwan zai yi ta sauka har ya zama naira 1,756 kacal a wata na 12. Jimillar biya ta tashi kusan 723,300, ruwa kuma kusan 123,300. Tsakanin wannan da 216,000 akwai tazarar naira 92,700 ko kusa da haka, fiye da biyan wata guda da rabi, kuma duka biyun sunansu "kashi 3 a wata".

Ba sai mutum ya iya lissafin da ke fitar da 60,277 da ka ba. Duk mai manhajar Excel ko Google Sheets a waya, ko yaron shagon kwamfuta da ke buga takardu a unguwa, zai iya rubuta waɗannan, kowane layi a gidansa:

```
=PMT(3%,12,-600000)
=RATE(12,-68000,600000)
```

Layin farko yana ba da biyan wata idan ruwan a kan ragowa ake ɗora shi. Na biyu yana yin tambayar ta baya: wanda ya karɓi 600,000 yana biyan 68,000 sau 12, kashi nawa yake biya a zahiri? Amsar ta ɗan haura kashi 5 a wata. A shekara ke nan sama da kashi 60, ba 36 da mutum zai zata ba idan ya ninka 3 sau 12. Dalili kuwa shi ne kuɗin ba su zauna a hannunsa shekara guda cur ba. Tun watan farko ya fara mayarwa, in aka daidaita watannin kusan rabin kuɗin kawai ya riƙe, amma ya biya ruwan dukansu.

Wanda ba shi da waya mai manhaja ma yana da hanya. Ya duba jadawalin, ya nemi layin kuɗin ruwa, ya bi shi da yatsa daga sama zuwa ƙasa. In lambar tana raguwa wata bayan wata, a kan ragowa ake lissafi. In lamba ɗaya ce take maimaita kanta, a kan ainihin kuɗin ne. In kuwa jadawalin bai raba ruwa da uwar kuɗi ba, dunƙule kawai ya bayar, wannan kansa dalili ne na kada a sa hannu tukuna. Cikakken jadawali yana nuna ranar biya, da abin da ya tafi ruwa, da abin da ya tafi uwar kuɗi, da abin da ya rage bayan kowane biya, kuma ragowar layin ƙarshe dole ta zama sifili.

Ba ina cewa lissafin `flat` haramtacce ne a doka ba, ko duk wanda ya yi shi macuci ne. Ƙananan bankuna da kamfanonin ba da rance da yawa da shi suke aiki, kuma in an rubuta shi ɓaro-ɓaro mutum ya gani ya yarda, ciniki ya faɗa. Sau da yawa ma saɓanin ba da gangan ba ne, tsohuwar takardar wani aka ɗauko aka canja suna da adadi, jadawali kuma na'ura ta fitar da shi daban. Sai dai na'urar da za ta riƙa cire kuɗi a asusu jadawali take bi, ba ta karanta shafin farko. Haka kuma a lura da haruffa biyu da ke bin bayan kason: `p.m.` a wata ne, `p.a.` a shekara. Wanda aka ce masa kashi 30 a shekara a kan ragowa ya fi samun sauƙi nesa ba kusa ba a kan wanda aka ce masa kashi 3 a wata ba ragi, ko da yake 3 ta fi daɗin ji a kunne.

Lamba ta uku, jimillar tsadar bashi, ba ta ƙare a kuɗin ruwa ba. Akwai cajin da ake zarewa tun kafin kuɗin su shigo asusu. Jagoran caje-caje na Babban Bankin Najeriya da ya fara aiki ranar 1 ga Janairu 2020 ya ƙayyade kuɗin kula da bashi da kada ya wuce kashi 1 cikin ɗari na abin da aka bayar, kuma sau ɗaya ake karɓarsa. A kan 600,000 naira 6,000 ke nan. Harajin VAT, wanda ya koma kashi 7.5 tun Fabrairun 2020, yana hawa kan wannan cajin, ba kan kuɗin ruwa ba, wato 450. A ce takardar malam ta ƙara inshorar rai ta kashi 1, wata 6,000. Jimilla 12,450. Alat ɗin da zai shigo wayarsa 587,550 ne, amma ruwa a kan 600,000 za a lissafa masa. Saboda haka tsadar bashin ta gaskiya ita ce duk abin da zai fita daga aljihunsa a ɗebe abin da ya shigo hannunsa: 228,450 in an bi jadawalin nan, ko kusan 135,800 in an bi shafin farko. Idan takardar ta rubuta wata jimilla da ba ta yi daidai da ko ɗaya ba, akwai cajin da ba a bayyana ba, ko an ƙirga wani sau biyu.

Sai ranar biya, wadda ake rainawa. In jadawali ya sa 25 ga wata, albashi kuma sai 30 ko bayan haka yake shigowa, kowane wata malam zai zama wanda ya makara. Jagoran nan ya yarda a ci tarar da ba ta wuce kashi 1 a wata ba a kan abin da ba a biya ba, bayan ruwan da ke tafiya. Kuma tun 1 ga Agusta 2020 akwai tsarin GSI, wanda in mai bashi ya sa hannu a kansa, banki na iya bin lambar BVN ya ɗebi abin da ya makara daga asusunsa na wani bankin. A nemi a matsar da ranar zuwa bayan shigowar albashi tun kafin sa hannu, abu ne da ake yi.

Na san a Sakkwato da yawa za su ce su ba ruwansu da bashi mai ruwa tun asali, bankunan da ba sa mu'amala da riba irin su Jaiz da TAJ suke zuwa. Hukuncin wannan na malamai ne. Amma lissafin bai bar su ba. A murabaha banki ne ke sayen kayan, ya sayar wa mutum da ribar da aka sani, a biya kaɗan-kaɗan. Kuɗin saye a tara da riba dole su ba da farashin sayarwa, kuma biyan wata sau yawan watanni, tare da kafin alƙalamin da aka bayar in akwai, dole ya dawo kan wannan farashin daidai.

Idan an ga saɓani, maganar ba ta buƙatar faɗa. Malam ya koma wurin jami'in da takardar da lissafinsa a rubuce, ya ce: "Ranka ya daɗe, shafin farko ya ce a kan ragowa, jadawali kuma ya ba ni 68,000. Wanne za a bi?" In jami'in ya ce kuskure ne, a sake bugo takardar da jadawalin da aka gyara, da sa hannun banki. Gyaran baki ko na biro a gefen shafi ba ya shiga na'ura. Malam ya sa hannu a kowane shafi, har da na jadawalin, ya karɓi kwafinsa. In kuwa sai bayan an fara cirewa ya gano, ya rubuta ƙorafi ga bankin, ya tabbatar an buga masa hatimin karɓa da kwanan wata a kwafinsa. In ba a warware ba, Babban Banki yana da sashen kare haƙƙin abokan hulɗa da ke karɓar irin wannan ƙorafi, kuma abin da za su fara tambaya shi ne shaidar cewa an kai wa bankin kuka tukuna, da takardar tayin, da bayanan asusun da ke nuna abin da aka cire.