Gwajin Suga Na Awa Biyu: Zaman Benci Bayan Shan Zaƙi

Da sassafe ake zuwa asibiti, ciki wayam: awa 8 zuwa 14 ba a sa komai a baki ba sai ruwa. Amma kwana ukun da suka gabata tuwo da shinkafa ake ci yadda aka saba, domin ƙaurace musu yakan ɓata sakamako.

Ana fara ɗibar jini, sannan a miƙo ruwan gulukos mai giram 75, a shanye cikin minti biyar. Zaƙinsa na iya tayar da zuciya. Wanda ya yi amai sai ya dawo wata rana.

Daga nan sai zama. Ba goro, ba taba, ba zagaya kasuwa, saboda tafiya na ƙona sugan. Awa biyu cif a sake ɗibar jini: in ya kai 11.1 mmol/L, alamar ciwon suga ce.