Lallashin da Ke Rufe Bakin Majinyaci

A ɗauki wata mace da ciwon damuwa ya kwantar a sashen masu taɓin hankali. Da yamma ta dubi nas ta ce, "Ni dai 'ya'yana za su fi hutawa idan ba na raye."

Amsar da ta fi saurin zuwa baki ita ce, "Haba Hajiya, daina faɗin haka, komai zai wuce." Da zuciya ɗaya aka faɗa, amma a ilimin jinya wannan lallashi ne marar tushe. Nas ba ta san ko komai zai wuce ba, matar kuma ta gane cewa ba a son jin abin da ke cinta. Alamar a fili take: za ta ce "to", ta juya wa nas baya, zance ya mutu.

Hildegard Peplau, ma'aikaciyar jinya Ba'amurkiya, ta nuna a littafinta na 1952 cewa hulɗar nas da majinyaci ita kanta jinya ce, ana koyonta kamar yadda ake koyon allura. Nas da ta koya za ta ja kujera ta zauna, ta mayar wa matar maganarta: "Kina ganin kin zame musu kaya?" Daga nan ta yi shiru. Shirun nan shi ya fi wuya, don sabon ma'aikaci yakan ji kamar dole ya cike shi da nasiha. Idan matar ta soma magana, sai a buɗe mata hanya: "Ina jin ki, ci gaba."

Sannan tambayar da mutane ke tsoro, a yi ta kai tsaye: "Kin taɓa tunanin kashe kanki? Kin tsara yadda za ki yi?" Bincike ya nuna tambayar ba ta cusa wa mutum tunanin. Idan ta ce e, ba a yi mata alkawarin rufa asiri. A sanar da likita, a kawar da abin da za ta iya cutar da kanta da shi, a sa mata ido.

"Me ya sa kika yi haka?" ita ma tana toshe zance, domin a kunnen mai ciwo tuhuma ce. "Me ya faru kafin nan?" ta fi samun amsa.

Wanda ya rantse an sa masa guba a tuwo fa? Musu yana ƙara masa zargi, gaskata shi kuma yana ƙarfafa ruɗin. Nas takan ce, "Malam, ni ban ga alamar guba ba, amma na ga kana cikin tsoro." Sau da yawa sai a kawo masa abincin da ba a buɗe ba, kamar dafaffen ƙwai da ɓawonsa ko ayaba, ya ɓare da hannunsa.