Kaifafa hoto: abin da ya dace da waya bai dace da takarda ba

Masu ɗaukar hoton biki suna yawan kokawa cewa hoto ya fito tas a kwamfuta, amma da aka wanko shi sai ya yi laushi, kamar an shafa masa hazo. Wasu kuma nasu ƙorafin akasin haka ne: hoton da ya yi kyau a albam, da aka tura shi waya sai ga farin layi ya kewaye hular ango, fatar amarya ta yi kaushi. Sau da yawa a kan ɗora wa kyamara ko mai firinta laifi, alhali matsalar tana wajen kaifafawar ƙarshe, wadda ake yi wa hoto gwargwadon inda za a kalle shi.

Kaifafawa ba ta ƙara wa hoto abin da kyamara ba ta ɗauka ba. Dabara ce ta yaudarar ido. Duk inda haske da duhu suka haɗu, kamar bakin farar riga da wuyan mai ita, manhaja tana ƙara wa ɓangaren haske haske, ta ƙara wa ɓangaren duhu duhu, a ɗan siririn layi. Ido ba ya ganin layin shi kansa, sai dai ya ji gefen ya yi tsini. A Photoshop, kayan aikin da aka fi sani shi ne Unsharp Mask, mai maɓallai uku. Amount shi ne ƙarfin layin, Radius faɗinsa a lissafin fiksel, wato ƙananan ɗigon da suka haɗu suka zama hoto, Threshold kuma yana hana a taɓa wuraren da ba su da bambanci sosai, irin kumatu da sararin sama. Sirrin aikin duka shi ne layin ya kai yadda zai yi tasiri, amma kada ya kai yadda za a gan shi.

A nan ne allo da takarda suka raba hanya. Allo yana nuna kowane fiksel a gurbinsa, ba ya malalawa kan maƙwabcinsa, don haka kaifi kaɗan ya ishe shi. Takarda kuwa tana cinye kaifi. Firinta tana mayar da fiksel zuwa ɗigon tawada, tawadar kuma tana ɗan bazuwa idan ta sauka. Takarda marar sheƙi ta fi mai sheƙi shan tawada, shi ya sa ta fi buƙatar kaifi. Wannan ne dalilin da ya sa Lightroom, wajen fitar da hoto, yake tambaya ko Screen ne, ko Matte Paper, ko Glossy Paper. Hoton da aka kaifafa daidai don takarda yakan yi kamar an wuce gona da iri idan aka dube shi a allo, kuma haka ya kamata ya kasance.

To, yaya faɗin layin zai zama? Nisan mai kallo ne ke yanke hukunci. Lafiyayyen ido yana iya rarrabe abu mai girman kashi ɗaya cikin 60 na digiri. A sauƙaƙe, a raba nisan da ke tsakanin ido da hoto da 3,400, abin da ya fito shi ne mafi ƙanƙantar abin da ido zai tsinkayo. Mai riƙe da albam a nisan santimita 30 yana ganin abin da ya kusa kashi ɗaya cikin goma na milimita, kuma daga nan ne aka samo ƙa'idar nan ta fiksel 300 a kowane inci. Wanda ya tsaya nisan mita 3 kuwa, abin da bai kai kusan milimita guda ba ya ɓace masa. Marigayi Bruce Fraser, masanin da ya yi fice a wannan fanni, ya ba da shawarar cewa a hoton da ake riƙewa a hannu layin ya tsaya tsakanin kashi ɗaya cikin 100 da kashi ɗaya cikin 50 na inci.

Mu ɗauki hoton ango da amarya mai fiksel 6,000 a faɗi da 4,000 a tsayi, ana son sa a wuri uku. Na waya za a fara rage shi zuwa kamar fiksel 1,600, sannan a kaifafa, da Radius tsakanin 0.3 da 0.5, Amount kuma wajen 80 zuwa 100. Tsarin nan yana da muhimmanci, domin rage girma yana laushafa gefuna, in aka riga aka kaifafa kafin ragewa an yi aikin banza. Na albam mai inci 12 da 8 za a mayar da shi fiksel 3,600 da 2,400, a fara gwadawa da Radius 1.5, Amount wajen 120 zuwa 150, Threshold 3 ko 4 saboda fata.

Na ukun, wato banar da za a rataye a zauren biki, mai faɗin mita 3, shi ne ya fi rikita mutane. Fiksel 6,000 a kan mita 3 na nufin fiksel biyu a kowace milimita, kusan 50 a inci. Idan baƙi za su kalle ta daga mita 3, layin zai iya kaiwa kusan milimita guda ba a lura ba, wato Radius na 1.5 zuwa 2. Lambar kusan ɗaya ce da ta albam, amma a kan leda layin ya ninka na albam sau shida zuwa takwas. Idan kuwa mai bugawa ya ce sai an ƙara girman fayil zuwa fiksel 150 a inci, milimita guda ta zama fiksel shida ke nan, Radius ma sai ya tashi zuwa 5 ko 6. Wanda ya bar shi a 1.5 a wannan hali ya kaifafa abin da babu wanda zai gani daga mita 3. Saboda haka lambar Radius ita kaɗai ba ta faɗin komai sai an san girman bugun da nisan kallo.

Sai dai ni a ganina kuskuren da ya fi muni shi ne ɗaukar cewa duk babban hoto daga nesa ake kallonsa. Allon talla na bakin titi babu mai zuwa kusa da shi. Banar biki kuwa jama'a suna matsowa gabanta su ɗauki hoto, fuskar amarya tana taku ɗaya daga gare su. A irin wannan, a yi lissafi da nisa mafi kusa da mutane za su tsaya. A mita guda layin kada ya wuce kashi uku cikin goma na milimita, don haka Radius ya dawo ƙasa da 1. Laushi kaɗan daga nesa ya fi farin zobe a bakin ɗankwali daga kusa.

Alamomin wuce iyaka ba su da wuyar ganewa. Farin layi yakan fara bayyana inda baƙar fata ta haɗu da farar shadda ko sararin sama, gashin gira ya koma kamar waya, ƙofofin fata da ƙurajen da ba a lura da su ba su fito fili. Idan an ga haka, a fara rage Radius kafin Amount.

Allo ba zai iya nuna ainihin yadda takarda za ta fito ba. Duban hoton a 50% yana ba da ƙiyasi kawai. Kafin a biya kuɗin babbar bana, a yanko wurin fuska a ainihin girman da za a buga, a buga shi a kan irin ledar da za a yi aikin da ita, a manna a bango, a ja baya zuwa inda baƙi za su tsaya. A kuma ajiye asalin hoton ba tare da kaifin ƙarshe ba, kowane wuri a fitar masa da nasa kwafin.