Gwajin saurin intanet: yadda ake rubuta abin da aka goge

Sau da yawa masu gwada saurin data a waya kan rubuta cewa sun cire alƙaluman da suka kauce, su tsaya nan. Wanda ya karɓi fayil ɗinsu ba zai iya maimaita aikin ba, domin bai san inda aka ja layi ba.

Ga misalin sakin layin da ya wadatar:

"An yi awo 40 da Speedtest. An fara cire 2 da aka shigar sau biyu, sai 3 da aka yi Wi-Fi na kunne, saura 35. An lissafa Q1 da Q3 da QUARTILE.INC a Excel, aka samu 8 da 14 Mbps, tazararsu 6. An cire duk awon da ya wuce Q3 + 1.5 × 6, wato 23, ko ya gaza Q1 − 1.5 × 6. Biyu suka fita, 41 da 56, saura 33. Sau ɗaya aka yi amfani da ƙa'idar."

Wannan ƙa'idar John Tukey ce, kuma Q1 da Q3 su ne iyakokin rabin alƙaluman da ke tsakiya. Faɗin sunan umarnin dole ne, saboda QUARTILE.EXC kan ba da amsa daban a fayil guda. Haka ma "sau ɗaya": idan aka sake lissafi a kan 33 ɗin, iyakar na iya matsewa ta kori wasu.

Iyakar ƙasa a nan −1 ce, don haka ko awon 0 Mbps zai zauna. Daidai ne ya zauna, tunda ɗaukewar sabis na cikin abin da ake aunawa.