Rufu'ar da ta ɓace a hoton takarda

Ranar wata Laraba da daddare 'yata ta miƙo mini waya, ta ce: "Baba, duba mini, wa ya tambayi wa?" Malaminsu na Islamiyya ne ya turo aikin gida, shafi guda da aka ɗauka da na'urar sikana. Umarnin shi ne a ja layi ƙarƙashin fa'ili, a zagaye maf'uli, sannan a yi li'irabi. Jimlar farko kalma uku ce: sa'ala, almu'allim, aɗɗalib. Wasalin ƙarshen "almu'allim" ya dunƙule ya zama baƙin tabo.

A Hausa jerin kalmomi ke nuna mai aiki. Larabci kuwa ya ɗora wannan nauyi a kan wasalin ƙarshe: fa'ili yana ɗaukar rufu'a, maf'uli fataha, ko da an sauya musu wuri. Rufu'a ƙaramin wawun ne mai ɗan rami a kai. Idan tawada ta yi yawa ko hoton ya yi rauni, ramin sai ya toshe, jelar ta rage, ta koma kamar fataha mai kauri.

Na ce mata ta bar tabon, ta duba maƙwabcinsa. A kan "aɗɗalib" rufu'a ta fito sarai. Tunda babu harafin haɗi tsakanin sunayen biyu, fa'ili ɗaya ne, wato ɗalibin. Ke nan tabon fataha ce: sa'alal mu'allima aɗɗalibu, ɗalibi ne ya tambayi malami. Da ta bi jeri kawai, da ta juya ma'anar. Inda wasulan biyu suka ɓace gaba ɗaya, nahawu ba zai iya raba gardama ba, sai a koma wa malami a nemi takardar asali. Yaro bai cancanci a rage masa maki a kan wannan ba.

A cikin kalmar nan akwai wani tarko da ya fi damuna. Yawancin bugun zamani suna sa kisira a ƙarƙashin shadda amma a saman harafi. Yaron da ya saba ganin kisira a ƙasa, in hoto ya dusashe, sai ya ɗauka fataha ce, ya karanta mu'allam, wanda aka koyar, maimakon mu'allim, mai koyarwa. Abin dubawa shi ne matsayin layin: a saman shadda fataha ce, a ƙasanta kisira.

Washegari na roƙi malamin ya sake ɗaukar shafin a `300 dpi`, da launin toka maimakon baƙi da fari zalla, ya kuma turo shi a matsayin fayil, don WhatsApp na matse hoto. Da sabon ya iso, fataha ce kwance a kan mimun.